Yadda ake bincika kasafin kuɗi kafin a miƙa shi: lissafi, jimla da zaton da ke ɓoye

Ma'ajin wata ƙaramar ƙungiya ya kawo mini kasafin kuɗin da za su aika wa masu ba da tallafi, saura kwana biyu a rufe karɓa. Aikin shi ne a horar da mata masu sa kai 40 kan gano cutar tamowa a jikin yara, horo na kwana 3, sannan a bibiyi aikinsu a ƙauyuka na wasu watanni. Masu tallafin sun ce kada abin da za a nema ya wuce naira miliyan 5. Jimlar da ke ƙasan takardar 4,360,400 ce.

Ya ce, "Malam, ka ɗan leƙa kawai ka sa mana albarka. Kwamfuta ce ta tara, ba hannu ba. Har rarar sama da dubu 600 muke da ita."

Na ce masa ya zauna, a kawo shayi, domin abin ba na leƙe ba ne. Kwamfuta ba ta kuskuren tarawa, wannan gaskiya ne, amma abin da aka nuna mata kawai take tarawa. Zan bi da ku ta hanyar da muka bi a ranar, mataki bayan mataki. Na daidaita alƙaluman don su yi sauƙin bi, saboda haka kada wani ya ɗauki farashin da ke ciki a matsayin farashin kasuwa na yau.

Ga kasafin kamar yadda ya zo. Lambar farko ita ce lambar layin a Excel, sannan B adadi ne, C sau nawa, D farashi, E kuma jimlar layi.

| Layi | Abu | B | C | D | E |
|---|---|---|---|---|---|
| 5 | Hayar ɗakin taro | 1 | 3 | 60,000 | 180,000 |
| 6 | Abincin mahalarta | 40 | 3 | 4,500 | 540,000 |
| 7 | Kuɗin motar mahalarta | 40 | 3 | 3,000 | 120,000 |
| 8 | Masu horarwa | 2 | 3 | 35,000 | 210,000 |
| 9 | Kayan rubutu | 40 | 1 | 2,500 | 100,000 |
| 10 | Jimlar horo | | | | 1,150,000 |
| 13 | Alawus na masu sa kai | 40 | 6 | 10,000 | 2,400,000 |
| 14 | Man fetur, lita | 60 | 6 | 900 | 324,000 |
| 15 | Katin waya da data | 1 | 6 | 15,000 | 90,000 |
| 16 | Buga takardun rajista | 1 | 1 | 75,000 | 75,000 |
| 17 | Jimlar bibiya | | | | 2,814,000 |
| 19 | Kuɗin aiki duka | | | | 3,964,000 |
| 20 | Kuɗin gudanarwa, kashi 10 cikin 100 | | | | 396,400 |
| 21 | Babbar jimla | | | | 4,360,400 |

Mataki na 1: Ka daskarar da kasafin, ka tattaro duk takardun da ke ɗauke da lamba

Kafin ka taɓa komai, ka adana kwafin fayil ɗin da sabon suna mai ɗauke da kwanan wata, ka yi binciken a kan kwafin. Ka gaya wa kowa cewa daga yanzu ba mai ƙara layi ko rage farashi sai ta hannunka. Ba a binciken kasafin da wani ke ci gaba da gyarawa a wayarsa.

Sai ka ajiye abubuwa huɗu a gabanka: kasafin, takardar bayanin aikin, wasiƙar rakiya, da ƙa'idojin masu ba da tallafin. Idan da hali, wanda zai bincika ya zama ba wanda ya rubuta ba ne. Mai rubutu abin da ya yi niyyar rubutawa yake gani, ba abin da ke kan takarda ba.

Mataki na 2: Ka bi kowane layi a kwance

Adadi sau lokuta sau farashi dole su ba da jimlar layi. Kada ka fara da babbar jimla, domin ita tana iya yin daidai da tarin layukan alhali layukan kansu karkatattu ne.

Idan a takarda ne, ka ɗauki kalkuleta da fensir, ka ninka kowane layi, ka sa alama a gefen wanda ya fita daidai. Idan a Excel ne, ka je gidan F5, ka rubuta wannan, ka ja shi har ƙasa, kana tsallake layukan jimla:

```
=B5*C5*D5-E5
```

Duk layin da yake daidai zai ba da sifili. A wajenmu layi na 7 ya ba da 240,000. Mutum 40 sau kwana 3 sau 3,000 ai 360,000 ne, ba 120,000 ba. Da muka danna gidan E7, ba mu tarar da fomula ba, lamba ce aka buga da hannu. Ma'aji ya tuna dalili: tun farko sun shirya horon kwana ɗaya ne, daga baya aka mai da shi uku. Ya canza C7 daga 1 zuwa 3, amma E7 bai motsa ba, tunda ba abin da ya ɗaure shi da C7.

Wannan ita ce ɓarnar da na fi cin karo da ita, kuma ido ba ya kama ta, domin lambar da aka buga da wadda fomula ta haifar kamarsu ɗaya. Hanyar tona su ita ce ka danna `Ctrl` tare da maɓallin `` ` `` wanda ke ƙarƙashin `Esc`, ko ka shiga `Formulas` ka zaɓi `Show Formulas`. Nan take duk fomuloli za su bayyana a maimakon amsoshinsu. Ka bi layin E daga sama zuwa ƙasa. Inda ka ga lamba tsurarta a tsakiyar fomuloli, ka tsaya ka tambayi wanda ya sa ta.

Akwai kuma lambar da Excel ba ya ɗauka a matsayin lamba. Wani kan rubuta N75,000 da harafin N a gaba, ko ya kwafo alƙaluma daga saƙon waya su taho da ratar da ba a gani. A wurin Excel wannan rubutu ne, kuma `SUM` tsallake rubutu yake yi shiru, ba gargaɗi. Yawanci irin wannan lambar tana jingina hagu a cikin gidanta, lambar gaske kuwa dama take jingina. Idan kana shakka, `=ISNUMBER(E16)` zai ba ka `TRUE` ko `FALSE`.

Mataki na 3: Ka bi jimloli a tsaye, sannan ka sake zuwa babbar jimla ta wata hanya

Yanzu ƙananan jimloli. Ka danna kan kowacce ka buga `F2`. Excel zai zagaye gidajen da yake tarawa da launi. Ba fomular za ka karanta ba, iyakar zagayen za ka duba. A E17 mun ga wannan:

```
=SUM(E13:E15)
```

Zagayen ya tsaya a layi na 15. Layi na 16, buga takardun rajista na 75,000, sakatare ne ya ƙara shi daga baya a ƙarshen rukunin, sai ya faɗa waje da iyaka. Yana nan baro-baro a shafi, kowa na ganinsa, amma ba ya cikin jimla. Jimlar bibiya ta gaskiya 2,889,000 ce, ba 2,814,000 ba.

Ma'aji ya ji kunya, na ce masa ya kwantar da hankalinsa. A 2010 wasu manyan masana tattalin arziki biyu, Carmen Reinhart da Kenneth Rogoff, sun fitar da nazari kan alaƙar bashin ƙasa da bunƙasar arzikinta, wanda 'yan siyasa suka riƙa kafa hujja da shi. A 2013 wani ɗalibi a Jami'ar Massachusetts da ke Amherst, Thomas Herndon, ya samu fayil ɗinsu ya tarar fomularsu ta bar ƙasashe biyar a waje. Irin wannan zagayen ne bai kai ƙasa ba.

Akasin haka ma na faruwa. Idan wani ya yi babbar jimla da `SUM` daga saman shafi zuwa ƙasansa, ƙananan jimlolin za su shiga tare da layukan da suka haife su, kuɗin ya ninku. Wannan ba ya wuyar ganewa, tunda kasafin kan kumbura ne har a ga ba daidai ba. Wanda ya fi wuya shi ne ɓoyayyen layi. Idan lambobin gefen shafi suka yi tsalle, misali daga 13 zuwa 15, to akwai layin da aka ɓoye, kuma `SUM` yana tara shi duk da ba a ganinsa. Ka zaɓi shafin gaba ɗaya ka danna `Unhide` ka ga abin da ke ciki.

Bayan ka gyara, kada ka gamsu da cewa fomula ta ba da sabuwar amsa. Ka isa jimlar ta hanyar da ba ta bi ta layin E ko kaɗan:

```
=SUMPRODUCT(B5:B9,C5:C9,D5:D9)+SUMPRODUCT(B13:B16,C13:C16,D13:D16)
```

Wannan yana ninka adadi da farashi kai tsaye ya tara. Ya ba mu 4,279,000, E19 da aka gyara ma 4,279,000. Hanya biyu sun haɗu a wuri ɗaya. A takarda, daidai da wannan shi ne ka tara daga sama zuwa ƙasa, sannan ka sake tarawa daga ƙasa zuwa sama, domin yatsan da ya zame sau ɗaya yakan sake zamewa a wurin idan aka bi tsari iri ɗaya.

Ka lura da yadda kuskuren ya haihu. Layi biyu sun ɓatar da 315,000, amma tunda kuɗin gudanarwa kashi 10 ne na kuɗin aiki, shi ma ya ragu da 31,500. Babbar jimla ta tashi daga 4,360,400 zuwa 4,706,900. Rarar da ake alfahari da ita ta sauko daga 639,600 zuwa 293,100, kuma ba mu ma fara tambayar ko alƙaluman gaskiya ne ba.

Idan jimla biyu suka ƙi haɗuwa

Kada ka koma ka sake tara komai daga farko. Ka debe ƙaramar daga babbar, ka zuba wa giɓin ido, domin sau da yawa shi ke faɗin inda ɓarnar take. Tsofaffin akantoci suna yi masa tambaya uku.

Shin giɓin ya yi daidai da wani layi? To an bar layin a waje ko an tara shi sau biyu, kamar 75,000 ɗinmu. Shin rabin giɓin ya yi daidai da wani layi? To an tara abin da ya kamata a debe, kamar gudummawar da ƙungiya za ta bayar daga aljihunta, wadda ake ragewa daga abin da ake nema. Shin giɓin yana rabuwa da 9 ba saura? To da alama an juya lambobi biyu, ko sifili ya ƙaru ko ya faɗi. Wanda ya rubuta 63 a madadin 36 ya haifar da giɓin 27. Wanda ya rubuta 9,000 a madadin 90,000 ya haifar da giɓin 81,000. Dukansu 9 na raba su. Ba hujja ce yankakkiya ba, domin wani giɓin kan rabu da 9 bisa katari, amma tana nuna maka inda za ka fara tono.

Giɓin naira ɗaya ko biyu kuwa yawanci kwabbai ne da Excel ke riƙe da su a ciki yana nuna maka cikakkiyar naira. `ROUND` a kan layin da ke da kaso yana kashe shi. Kada ka bar shi don ƙanƙantarsa, mai dubawa da kalkuleta zai tarar da shi.

Mataki na 4: Ka gwada kasafin da sauran takardun

Kasafi ba ya tafiya shi kaɗai. Babbar jimla tana bayyana a wasiƙar rakiya, a shafin taƙaitawa, a fom ɗin nema, wani lokaci har cikin bayanin aikin. Ka lissafo duk wuraren, ka duba su ɗaya bayan ɗaya. A wasiƙarmu an rubuta 4,630,400, alhali kasafin na cewa 4,360,400. Giɓin 270,000, 9 na raba shi: an juya 3 da 6. Duk biyun ma yanzu sun tsufa, amma da an aika haka, mai karantawa zai buɗe ambulan ya ga ƙungiya ba ta san nawa take nema ba. Idan an rubuta kuɗin da kalmomi a gefen lambobi, ka karanta kalmomin su ma, da ƙarfi.

Daga nan sai aikin da ya fi cin lokaci. Ka ɗauki bayanin aikin da biro, ka ja layi a ƙarƙashin kowane adadi da kowane alkawari. Kowane alkawari ka nemo layin da zai biya shi a kasafi, kowane layi na kasafi kuma ka nemo aikin da yake biya a bayani.

A nan muka ci karo da babbar matsala. Bayanin ya ce bibiya za ta gudana "daga Maris zuwa Satumba". Na ce wa ma'aji ya ƙirga da yatsu. Maris, Afrilu, Mayu, Yuni, Yuli, Agusta, Satumba. Ya tsaya a yatsa na bakwai ya dube ni. Wanda ya yi kasafin ya debe 3 daga 9 ya samu 6, ya manta watan farko shi ma ana aiki a cikinsa. Wata ɗaya na bibiya yana cin 400,000 na alawus, 54,000 na mai, 15,000 na kati, wato 469,000, da kuɗin gudanarwa kuma 515,900. Rarar ba za ta ɗauka ba. Wannan ba gyaran mai bincike ba ne, hukunci ne na shugabanni: ko a rage watanni, ko a rage mutane, ko a rage alawus. Ma'aji ya kira shugabar ƙungiyar a waya. Ta ce, "Malam, ai wata shida muka tsaida tun farko, a gyara bayanin ya koma Agusta." Aka gyara a wuri uku da ya fito.

Sannan ƙa'idojin masu tallafi. Ka duba yadda suka fassara kashi 10 na gudanarwa, domin kashi 10 na kuɗin aiki daban yake da kashi 10 na babbar jimla. Wanda ya ce miliyan 5 ce iyaka, saboda haka gudanarwa 500,000, aiki kuma 4,500,000, ya sa kashi 11.1 a kan kuɗin aiki. Idan ƙa'idar kan kuɗin aiki take magana, ya zarce. Ka duba kuma abubuwan da suka ce ba sa biya, da ko suna son a cike nasu fom ɗin ne da nasu rukunan.

Mataki na 5: Ka tono zaton da ke ƙarƙashin kowace lamba

Har zuwa nan duk abin da muka kama, kalkuleta ko biro ne suka kama shi. Wannan matakin ba shi da fomula. Lissafi yana iya fita tas, kuɗin kuma ya ƙare a wata na huɗu, saboda kowace lamba tana zaune ne a kan wani abu da aka ɗauka haka yake ba tare da an rubuta ba.

Ni tambaya ɗaya nake yi wa kowane gida na B da C da D: daga ina ka fito? Amsar kuma a rubuta ta a gefen layin. Lambar da ba wanda ya iya faɗin asalinta, zato ce.

Abincin mutum 40. Su waye za su ci? Mahalarta. To masu horarwa biyu fa, da ma'aikatan ƙungiya uku da za su yini a wurin? Ba wanda zai zuba wa mahalarta abinci ya bar mai koyarwa yana kallo. Bakin ci 45 ne. Ƙarin mutum 5 sau kwana 3 sau 4,500 ya kama 67,500. Da ba a sa ba, ranar taron daga aljihun wani zai fita, ko a rage wa kowa nama.

Hayar ɗaki 60,000. Wa ya faɗi farashin? An tambaya ne a waya. Har da haraji? Ba a tambaya ba. Harajin VAT a Nijeriya kashi 7.5 ne tun Fabrairun 2020, kuma wuraren taro da yawa sai a kan takardar biya suke ɗora shi. Muka kira, suka ce ban da haraji. Ƙarin 13,500 ke nan. Muka kuma tambaya ko da wutar janareta a cikin kuɗin, aka ce e, muka ce su rubuto mana. Farashin baki ba ya kare kowa ranar da aka zo duba littafi. A nemi farashi a rubuce, da kwanan wata, da tsawon lokacin da zai yi aiki.

Man fetur lita 60 a wata. Wannan ya ba mu wuya kafin wani ya tuna asalinsa: fita huɗu a wata, kowace kilomita 150 zuwa da dawowa, mota kuma na yin kilomita 10 da lita ɗaya. Lissafin ya fita. Amma motar wa? Ta mijin shugaba ce, yakan ba su aro. Babu hayar mota a kasafin, babu direba, babu juyen mai, babu faci. Aikin wata shida ya rataya a kan kirkin mutum ɗaya da ba a ma sanar da shi ba tukuna. Ban ce a ƙara layi ba. Na ce a je a tambaye shi, idan ya amince a rubuta motar a matsayin gudummawar ƙungiya, masu tallafi su sani. Kuma Yuli da Agusta tsakiyar damina ce. Hanyar da take kilomita 150 da rani, idan rafi ya kawo sai an zagaya.

Farashin litar kuwa shi ne zaton da ya fi kowane saurin ruɓewa. Duk wanda ya rubuta kasafi a farkon Mayun 2023 bai manta ba: ranar 29 ga watan Shugaba Bola Tinubu ya ce tallafin mai ya ƙare, cikin kwanaki litar da ake saya wajen naira 200 ta haura 500 a Kano da Abuja. Tsakanin rubuta kasafi da shigowar kuɗi watanni kan wuce. Ba za ka iya sanin farashin gobe ba, amma za ka iya gwaji: ka ƙara kashi 20 a kan D14 ka ga abin da zai faru. Daga 900 zuwa 1,080, mai ya ƙaru da 64,800, da gudanarwa 71,280. Rararmu za ta iya shanye wannan. Ba kowane layi ake yi wa gwajin ba, sai manya da masu saurin motsi. A wannan kasafin alawus shi kaɗai ya fi rabin kuɗin aiki, saboda haka ƙarin naira 1,000 kacal a kan kowace mace zai ci 240,000. Shi ya kamata a tabbatar an yi magana da matan a kansa kafin a aika, ba kayan rubutu ba.

Idan masu tallafi sun yarda da layin ko-ta-kwana, ka sa shi a fili da sunansa. Idan ba su yarda ba, ka rubuta farashin da ka ɗauka da ranar da ka ɗauke shi, don ka samu bakin magana idan ya tashi. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a cusa ƙari a ɓoye cikin farashin biro da littafi. Mai dubawa ya san kuɗin biro, kuma da zarar ya kama cushe a layi ɗaya ya daina yarda da sauran.

Buga takardu, 1 sau 1 sau 75,000. Duk inda ka ga dunƙulallen kuɗi haka, ba a yi lissafi ba ne, an yi kirdado. Takarda nawa, kowace nawa? Sakatare ya ce littafi 50 ne a kan 1,500. Muka mai da layin haka. Kuɗin bai canza ba, amma yanzu ana iya bincika shi.

Akwai kuma kuɗin banki. Mata 40 sau wata 6 tura kuɗi 240 ne, kowane da cajinsa, waɗanda ba su da asusu kuma sai ta hannun mai POS, shi ma da nasa. Mun amince kuɗin gudanarwa zai ɗauka, muka rubuta hakan.

Idan tallafin da dala ko yuro ake bayarwa, canjin da aka yi amfani da shi dole ya zauna a gida ɗaya tak, da kwanan wata da inda aka samo shi, sauran gidaje su riƙa ɗaukowa daga can. Kafin tsakiyar Yunin 2023 dala a hukumance wajen naira 460 take, a Fabrairun 2024 ta wuce 1,400. Mutane sun fi tsoron faɗuwar naira, amma ga mai karɓar dala ya kashe naira, farfaɗowar naira ce ke rage masa kuɗi a hannu. 'Yan'uwanmu na Nijar da yuro ba su da wannan fargabar, tunda sefa a ɗaure take a kan 655.957 kowace yuro. Nasu tarkon daban ne: a kasuwa ana faɗin farashi da dala ta Hausa, wadda ita ce sefa 5. Wanda aka aika tambayo farashi ya dawo ya ce dala ɗari, aka rubuta 100, to an rage kuɗin ninki biyar, domin sefa 500 ake nufi. Haka kuma kwamfutar da ke kan tsarin Faransanci waƙafi ne alamar ɗigon lissafi a wurinta, saboda haka 4,500 da aka buga a can tana iya zama huɗu da rabi.

Mataki na 6: Zagaye na ƙarshe a kan abin da za a aika

Gyara yana haifar da sabon kuskure, don haka bayan an shigar da komai sai a sake mataki na 2 da na 3 daga farko. Ba ya ɗaukar lokaci tunda fomulolin gwaji suna nan. Namu ya tsaya haka: kuɗin aiki 4,279,000, a ƙara 67,500 na abinci da 13,500 na haraji, ya zama 4,360,000. Gudanarwa 436,000. Babbar jimla 4,796,000, saura 204,000 a kai iyaka.

Sai ka goge layin F na gwaji daga kwafin da za a aika, ka bar bayanan asalin lambobi. Ka sa sabuwar jimla a wasiƙa da fom da shafin taƙaitawa, ta hanyar kwafa, ba bugawa da hannu ba. Idan PDF za a aika, ka buɗe PDF ɗin ka karanta shi kansa. Gidan da ya yi wa lamba kaɗan yana fitowa `#####`, layin E kuma yakan tsallaka shafi na biyu ya bar farashi ba jimla. Ka duba sunan fayil ɗin da ka liƙa a saƙo, domin tsohon kwafi da sabo suna zaune gefe da gefe a wuri ɗaya.

Mu mun ba wa ƙanwar ma'aji, ɗalibar sakandare da ba ta san komai game da aikin ba, shafin da aka buga da kalkuleta, muka ce ta ninka ta tara kamar jarrabawa. Ta samu 4,796,000. Ta kuma tambaya me ya sa kan shafin har yanzu yake cewa "horon kwana ɗaya".